Ina kuɗin ya tafi? Bin diddigin caji da kashe-kashen wata guda daga hotunan allon waya

Ƙanwata ce ta turo min hotuna shida na allon wayarta, na tarihin hada-hadar asusunta na kuɗin waya a watan Maris, ta biyo su da saƙon murya. "Yaya, don Allah duba min. Albashina 60,000 ne, har wata ta biya ni bashin 8,000, amma kafin wata ya ƙare na koma taɓa ajiyata. Cajin nan nasu ne yake cinye ni." Ta riga ta yi nata lissafin. Ta haɗa duk layin da aka rubuta Charge ta samu 260, sai abin ya ƙara ɗaure mata kai, domin 260 ba kuɗin da zai talauta mutum ba ne. Tambayoyinta biyu: nawa ne gaskiyar abin da ta biya na caji, kuma me ya fi cin kuɗinta. Ban sa sunan kuɗin a nan ba, tunda lissafin ɗaya ne ko da wane kuɗi asusun yake aiki.

Kafin in haɗa ko lamba ɗaya, sai da na gyara zaman hotunan. Manhajar tana ɗora sabon ciniki a sama, tsohon yana ƙasa, don haka wanda ya karanta daga sama zuwa ƙasa yana tafiya ne da baya cikin watan. Na fara daga ƙasan hoto na shida na yi sama. A can ƙasan akwai layuka biyu na ƙarshen Fabrairu, a saman hoto na farko kuma akwai uku na farkon Afrilu. Duka biyar ɗin ba na Maris ba ne, na ware su. Amma layin ƙarshe na Fabrairu ban yar da shi ba, domin balans ɗin da ke gefensa, 4,250, shi ne kuɗin da ta shiga Maris da shi. Layin ƙarshe na Maris kuma ya nuna 6,285. Waɗannan lambobi biyu su ne bakin rijiya da gindinta, duk abin da zan lissafa dole ya tsaya tsakaninsu.

Sai maimaici. Mai ɗaukar hoto yana jan allo ne da yatsa, ba ya aunawa, shi ya sa layin da ya rufe wannan hoto yakan sake buɗe na gaba. Wani biyan 2,300 a shago ya fito sau biyu, kuma lambar shaidar cinikin iri ɗaya ce, balans ɗin ma ɗaya. Ciniki ɗaya ne, na soke guda. Akwai kuma 500 sau biyu a rana ɗaya da suka yi kama da maimaici, amma lambobin shaidarsu sun bambanta, balans ya sauka sau biyu. Waɗannan turawa biyu ne na gaske. Adadi da kwanan wata ba sa raba gardamar maimaici, lambar shaida da balans ne ke raba ta.

Ga kwanakin farko na watan kamar yadda suke a allon, na baya-bayan nan a sama. Lambar tsakiya ita ce adadin ciniki, ta ƙarshe ita ce ragowar kuɗi bayansa:

```
04 Mar  Bill Payment   -4,050   26,925
03 Mar  Charge           -100   30,975
03 Mar  Cash Out       -5,000   31,075
02 Mar  Transfer      -10,000   36,075
02 Mar  Transfer      -18,000   46,150
01 Mar  Received      +60,000   64,250
```

A cikin layuka shidan nan akwai caji huɗu, amma ɗaya kaɗai ne ya zo da sunansa. Shi ne 100 na cire kuɗi a wurin wakili ranar 3, wanda yake da layinsa na kansa. Irinsa kaɗai ƙanwata ta ƙirga.

Duba ranar 2. Bayan albashi ya shiga tana da 64,250. Ta tura wa mai gida kuɗin haya 18,000. In aka cire, 46,250 ya kamata ya rage, amma allo ya ce 46,150. Ɗari ɗaya ya fita ba tare da an ba shi layi ba. Na gaba ma haka: daga 46,150 ta tura 10,000, maimakon 36,150 sai ga 36,075, wato 75 ya bi bayansa. Wannan shi ne dukan sirrin aikin. A kowane layi ka ɗauki balans na baya, ka cire adadin da aka rubuta, ka gwada da sabon balans. Abin da ya ɓata a tsakani shi ne cajin. Jerin adadi yana faɗin abin da mai asusu ya ce a tura ne, jerin balans kuwa yana faɗin abin da ya bar asusun, kuma idan suka saɓa, balans ake bi.

Na huɗun ya fi ɓuya, har wannan dabarar ba ta kama shi. Ranar 4 an rubuta 4,050, kuma 30,975 a cire 4,050 daidai 26,925 ne, babu giɓi ko na sisi. Abin da ya sa na tsaya shi ne wutsiyar 50 ɗin nan. Na tambaye ta wutar nawa ta saya. Ta ce ta 4,000. Na ce ta danna kan cinikin ta buɗe cikakken bayaninsa, ta turo, sai ga shi an raba: 4,000 kuɗin wuta, 50 ladan biya. An dunƙule cajin ne cikin adadin. Alamar irin wannan ita ce lamba mai wutsiya a inda mutane suka saba biyan dunƙulallen kuɗi, ko da yake alama ce kawai, rasit ne ke tabbatarwa. Biyan shago na 1,850 bai nuna komai ba, farashin kaya ne ya zo haka.

Mai kwamfuta zai iya barin wa teburin lissafi wannan aikin. A jera layukan daga tsoho zuwa sabo, adadi a jerin C da alamar ragi ga abin da ya fita, balans a jerin D, sannan a sa wannan a E3 a ja shi ƙasa:

```
=D2+C3-D3
```

Inda ya ba da sifili, babu ɓoyayyen caji. Ni da biro da takarda na yi, layuka ƙasa da hamsin ba sa bukatar fiye da haka.

Ina cikin bin layi-layi sai na ci karo da giɓin da ya fi ƙarfin caji. Layi na sama a wani hoto, na ranar 16, ya bar balans a 9,840. Layi na ƙasa a hoton da ke biye, na ranar 18, katin waya ne na 500, kuma ya bar 7,280. Lissafi ya ce 9,340 ya kamata. Bambancin 2,060 ne. Babu kamfanin da zai caji 2,060 a kan katin 500, kuma giɓin ya faɗo ne daidai mahaɗar hotuna biyu, wanda shi ne wurin da ake fara zargi. Na kira ta.

"Ranar 17 me kika yi da wayar nan?"

"Ban tuna na yi komai ba, Yaya."

"Koma ki duba tsakanin 16 da 18, ki ɗauko min wurin kawai."

Hoto na bakwai ya zo da layuka biyu da yatsarta ta tsallake: ta cire 2,000 a wurin wakili, an caje ta 60. Da ban bi balans ba, da waɗannan layuka sun ɓace ba tare da kowa ya sani ba, domin hoton da ya rasa layi ba ya nuna alamar rashi. Wannan ne ma ya sa nata lissafin ya tsaya a 260. Cajin cire kuɗi huɗu ne a watan: 100 a kan 5,000, sai 80 sau biyu a kan 3,000 da wani 3,000, sai wannan 60 ɗin. Jimla 320.

Abu na gaba da zai iya ɓata lissafi shi ne na ranar 11. Ta tura wa wata ƙawarta 3,000, balans ya sauka daga 19,600 zuwa 16,550, wato an ɗauki 3,050. Kuɗin bai isa ba. Washegari layin Reversal ya dawo da 3,000, balans ya koma 19,550. Ta sake turawa, wannan karon ya tafi, aka bar ta da 16,500. Wanda ya haɗa layukan fita kawai zai ce ta tura wa ƙawar 6,000, wanda ya haɗa na shiga kuma zai ce ta samu ƙarin kuɗin shiga 3,000, kuma dukansu sun yi kuskure. Turawa ta farko da dawowarta suna soke juna. Sai dai ba su soke juna kaf ba: 3,050 ya fita, 3,000 ya dawo. Na bi duk layukan da suka biyo baya har cikin ukun nan na Afrilu ina neman 50 ɗin, ko an mayar da shi daban, ban gan shi ba. Na sa shi cikin cajin watan, na kuma ce ta rubuta lambar shaidar cinikin ta kai ƙorafi. Ƙaramin kuɗi ne, amma ladan aikin da ba a yi ba ne.

Sauran ɓoyayyun suna kan turawa shida da ta yi wa 'yan uwa da ƙawaye: 50 a kan 3,000 da ya tafi, 30 a kan 1,500, 30 a kan kowane 1,000 guda biyu, da 15 a kan kowace 500 guda biyu. Sun haɗu 170. Sayen kati da data da biyan shago ba su nuna giɓi ko ɗaya ba.

Yanzu caji ya kasu gida uku. Masu layinsu 320. Waɗanda balans ya tona, wato 100 na haya, 75 na turawar 10,000, 170 na 'yan uwa da 50 na turawar da ta gaza, 395. Wanda aka dunƙule, 50. Gaba ɗaya 765, kusan ninki uku na abin da ta ƙirga.

Ban yarda da lambar ba sai da na gwada ta ta wata hanya dabam, wadda ba ta dogara da bin layi-layi ba. Ta shiga wata da 4,250. Duk abin da ya shigo, albashi da biyan bashi da 5,000 da ta dawo da shi daga ajiya da 3,000 da aka mayar, 76,000 ne. Haɗe 80,250. Ta fita wata da 6,285, ke nan 73,965 ne ya bar asusun. Da na haɗa duk adadin da aka rubuta a layukan fita, har da layukan Charge, sai na samu 73,570. Bambancin 395, daidai da abin da na tsinta ɗaya bayan ɗaya. Da ya bambanta, da na san ko dai akwai layin da ya ɓata, ko na ƙirga wani sau biyu, ko na karanta wata lamba ba daidai ba, domin hoton da aka tura ta manhajar hira yakan dushe har 3 ta yi kama da 8. Wannan gwajin yana da wani amfani kuma. Wasu manhajojin ba sa nuna balans a gefen kowane layi. Mai irin wannan, in ya samo balans na farkon wata da na ƙarshe daga saƙonnin alat, zai iya fitar da jimlar ɓoyayyen caji, ko da bai san wane ciniki ne ya ɗauki nawa ba. Wasu tsare-tsaren ma sun sauƙaƙa, kamar M-Pesa na Kenya da ke rubuta kuɗin ciniki a cikin saƙon tabbatarwa.

Akwai abu biyu da wannan 765 ɗin ba ta iya faɗa. Na farko, giɓin balans bai san bambancin ladan kamfani da harajin gwamnati ba. Ghana ta sa harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan turawar kuɗi ta waya a 2022, ta rage shi zuwa kashi 1 a 2023, ta soke shi a 2025, Uganda kuma tun 2018 take karɓar haraji a kan cire kuɗi daga asusun waya. A ƙasa mai irin wannan doka, wani ɓangare na giɓin haraji ne, kuma cikakken bayanin ciniki ne kaɗai zai raba su. Na biyu, abin da wakili ya karɓa hannu da hannu ba ya shiga tarihi. In allo ya ce an cire 3,000 amma ya miƙo maka ƙasa da haka, wannan ragin babu hoton da zai nuna shi. Na tambayi ƙanwata, ta ce cif ake ba ta, don haka na bar lambar yadda take.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi jan lokaci duk da lissafinta ya fi sauƙi. Allon ba ya rubuta dalilin ciniki, nau'insa kawai yake rubutawa. Kalmar Transfer ta rufe kuɗin haya, taimakon 'yan uwa, da ajiyarta ta kanta. Da an bi rabon manhajar, da an ce turawa ce ta fi cin kuɗinta, maganar da ba ta koya wa kowa komai ba. Sunayen masu karɓa kuma allon ya guntule su, wasu ma lambar waya ce zalla. Dole muka zauna a waya, ina karanto kwanan wata da adadi, tana faɗin na mene ne. Af, na kuma ja mata kunne: hotunan cike suke da lambobin mutane da balans ɗinta, in za ta nuna wa wani ba ni ba, ta fara rufe su.

Wurin da muka yi 'yar jayayya shi ne 10,000 na ranar 2. Ita a ranta ta kashe shi, tunda ya fita. Amma asusunta na banki ya tafi, nata ne har yanzu, daga aljihun dama ya koma na hagu. Haka 5,000 da ta dawo da shi ranar 20 ba samu ba ne. Abin da ya faru da gaske shi ne ta ajiye 5,000 a watan, kuma abin da wannan zirga-zirgar ta ci mata 75 ne kacal. Na fitar da su duka daga kashe-kashe, tare da 3,000 da ya je ya dawo. Daga 73,965 da ya fita aka cire 10,000 ɗin da 3,000 ɗin, wato 13,000, ya rage 60,965. Wannan shi ne ainihin abin da ta kashe a Maris, kuma da shi ake raba kowane rukuni in ana neman kaso.

Haya ce a gaba da 18,000, kusan kashi 30 cikin ɗari. Tsabar kuɗin da ta cire 13,000, kashi 21. Sayayyar gida da ta biya ta waya sau bakwai 11,400, kusan kashi 19. Turawa ga mutane 7,500. Kati da data 6,300. Wuta 4,000. Caji 765, wato kashi ɗaya da rubu'i.

Kati da data ne ya fi ba ta mamaki. Sau tara ta saya, ba a taɓa haura 1,500 a lokaci guda ba, shi ya sa ba ta taɓa jin nauyinsa ba, amma ya ninka cajin da take zargi fiye da sau takwas. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ashe ɓarawon a cikin gida yake."

Ni kuma abin da ya fi damuna rukuni na biyu ne, domin a gaskiya ba rukuni ba ne, rami ne. Cire kuɗi ba kashewa ba ne a kan wani abu sananne, canza wa kuɗin kama ne daga na waya zuwa na takarda, kuma daga nan tarihin ya daina ganinsa. Ta ce mafi yawansa kuɗin mota ne da ƙananan sayayya, amma ba ta iya cewa nawa-nawa ba. Na ƙi in raba shi bisa zato, kuma ga dalili. Tsakanin haya da sayayyar gida 6,600 ne. In har fiye da haka daga cikin 13,000 ɗin a sayayya ya tafi, to sayayya ce ta ɗaya, haya ta koma ta biyu. In kuma kuɗin mota ne ya cinye mafi yawa, to akwai babban rukunin da bai bayyana a hotunan ba ko sau ɗaya. Amsar gaskiya ga tambayarta ita ce haya ce ta fi girma a cikin abin da ake iya gani, kuma ɗaya bisa biyar na kuɗinta ya bi hanyar da hoton allo ba ya iya bi.

Zarginta ga caji ma bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, sai dai wurin da ta nuna ne ba daidai ba. In aka auna kowane caji da kuɗin da ya raka, 100 a kan 18,000 bai kai kashi ɗaya ba, amma 15 a kan 500 kashi uku ne, 60 a kan 2,000 ma kashi uku. Cajin yana tafiya ne mataki-mataki, ba a kan kaso ɗaya ba, don haka ƙaramin ciniki ya fi jin jiki. Daga layukanta kawai ana iya gani: cire 5,000 sau ɗaya ya ci 100, cire 3,000 da 2,000 daban-daban ya ci 140. Kuma cire kuɗi shi kaɗai ya ɗauki 320 daga 765, alhali biyan shago kai tsaye ta waya bai ci mata ko sisi ba. Duk abin da ta cire kuɗi don ta saya a wurin da ke karɓar biyan waya, ta biya lada ne don ta ɓatar da sawun kuɗinta.

Na ce mata na Afrilu kada ta turo hotuna. Ta nemi cikakken bayanin asusu na wata daga manhajar in tana bayarwa, domin shi ba ya tsallake layi, kuma yawanci yana ware wa caji wurinsa. In babu, ta ɗauki hotunan yadda kowanne zai maimaita layi ɗaya na wanda ya gabace shi, da gangan, don mahaɗar ta zama abin dubawa. Tsabar kuɗi kuma, duk ranar da ta cire, ta rubuta a wayarta abin da ta saya da shi kafin ta kwanta. Ta amsa da to. Ranar 3 ga Afrilu sai ga saƙonta: ta cire 4,000, ta rubuta inda 3,100 ya shiga, sauran 900 kuma tana nan tana tunani.